Aji shida a fili ƙafa 150 da 100: daga benci ake fara awo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 'yar makarantar firamare a gidan haya a Dorayi, yara 240, aji ɗaya zuwa shida. Allah ya hore mana fili ƙafa 150 a tsawo, 100 a faɗi, fuskar ƙafa 100 ɗin tana kallon yamma, a bakin titi. Magininmu ya ce a jera ɗakuna goma a jikin katangar titi, biyar na kallon biyar, kowanne ƙafa 16 da 18, da lungu ƙafa 4 a tsakani, wai don sauran filin ya huta. Raina bai kwanta ba, amma na rasa abin da zan ce masa. Yaya ya kamata a tsara ginin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a filin. Rashin kwanciyar ranki yana kan hanya, kuma gara da kika tsaya kafin a haƙa tushe, domin gyaran da za a yi a takarda da fensir, in an riga an ɗora bulo sai da guduma.

Magininki ba mugunta ya yi miki ba. Tsarin da ya kawo shi ne wanda hannunsa ya saba da shi, na shaguna da gidajen haya, inda ake fara auna fili sannan a yanka shi ɗaki-ɗaki. Ginin aji kuwa daga ciki ake faro shi. A fara da bencin da yaro zai zauna, a ƙirga benci nawa, a bar hanyar da malami zai bi, sai ɗakin ya faɗi girmansa da kansa. Haka zan bi da ke, daga benci har bakin ƙofar titi.

Bencin mutum biyu irin wanda kafintocinmu ke yi, mai haɗe da tebur, tsawonsa kamar mita 1.1 ne, kuma daga gaban teburinsa zuwa gaban na bayansa yana cin santimita 90. Yara 40 benci 20 ke nan. A jera su layi huɗu, kowane layi benci biyar. Layi huɗu sun ci mita 4.4 a faɗin ɗakin. Tsakaninsu akwai hanya uku, kowacce santimita 60, wato iyakar abin da malama za ta wuce da hijabinta ba tare da ta share littafin yaro ba. Sun ci mita 1.8. A bar santimita 40 a jikin kowane bango don kada kafaɗar yaro ta manne da filasta. Jimla mita 7 daidai. Ta tsawo kuma, daga allo zuwa bencin farko a bar mita 2, domin yaron da ke ƙarshen layin gaba ya ga rubutu ba a karkace ba, kuma ƙurar alli ta sauka kafin ta iso shi. Benci biyar sun ci mita 4.5. Mita 1.5 da ta rage a baya ita ce wurin jakunkuna da kabad da juyawa. Jimla mita 8.

To kin ga inda mita 7 da 8 ta fito, wadda aka saba gani a zanen azuzuwan firamaren gwamnati: murabba'in mita 56, kowane yaro ya tashi da 1.4. A bakin magini ƙafa 23 da 26 ke nan, kuma ki jaddada masa cewa awon ciki ne, daga filasta zuwa filasta, ban da kaurin bulo. Manufar ilimi ta ƙasa ma yara 35 ta ce ga malami ɗaya a firamare, saboda haka 40 ɗin nan iyaka ce, ba mafari ba.

Yanzu ki ɗauki wannan lissafin ki shiga da shi ɗaki mai ƙafa 16 da 18, wato mita 4.9 da 5.5. Layi uku kawai zai ɗauka. In an bar mita 2 a gaban allo, benci uku-uku za su shiga, yara 18. In an matsa har jikin allo, huɗu-huɗu, yara 24. Na san za a ce ai ɗakuna goma ne, 24 sau goma 240, lissafi ya fita. Amma hakan na nufin albashin malamai goma maimakon shida, kuma aji shida ba sa rabuwa daidai cikin ɗaki goma. Abin da na sha gani shi ne, kafin shekara ta zagayo an cusa yara 40 a ɗakin 24, uku-uku a benci, an toshe hanyar tsakiya da ƙarin benci, malami ya maƙale a gaban allo ba ya iya isa ga na baya ya duba rubutunsu. Yaron da ke baya a irin wannan ɗaki yana iya shekara ba a taɓa tsayawa a kansa an ga yadda yake riƙe fensir ba.

Tsayin ɗaki daga daɓe zuwa silin kada ya gaza mita 3, ni kuma a Kano 3.3 nake zanawa, kusan ƙafa 11. Ƙarin layi ɗaya ko biyu ne na bulo, amma zafin da ke taruwa a sama yana samun wurin tsayawa nesa da kan yara, kuma taga tana samun damar hawa sama, wanda shi ne maganar da ke tafe.

Babban kuskuren tsarin magini, wanda ya fi na girman ɗaki ma, shi ne inda ginin ya fuskanta. In aka jera ɗakuna a jikin katangar yamma, ginin ya miƙe daga kudu zuwa arewa, tagoginsa na kallon gabas da yamma. Ranar safe tana ƙasa-ƙasa, tana shigowa ta tagar gabas kai tsaye ta kwanta a kan littafi da allo, babu rumfar da za ta tare ta. Ɗakunan yamma kuma, in kina Islamiyya da la'asar kamar yawancin makarantunmu, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 za su zama tanderu. Su kuma tagogin da ke kallon lungun ƙafa 4 ba haske ba iska. Kowane ɗaki ya zama mai ido ɗaya, kuma idon a rufe zai wuni saboda rana.

A juya ginin. Tsawonsa ya bi gabas da yamma, tagogi su kalli kudu da arewa, bangayen gabas da yamma su zama toshe ba taga. Dalilin yana cikin yadda rana ke tafiya a samanmu. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. A Disamba rana tana karkata kudu, da tsakar rana tsayinta kamar digiri 54 ne, to baranda mai faɗin mita 2.4 a gefen kudu tana rufe bangon da inuwa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta kuma rana tana ɗan tsallakawa arewa, amma a lokacin tana can ƙoli, 'yar rumfar kankare ta santimita 60 a kan kowace taga ta isa ta tare ta. Wato ta kudu da arewa rana tana da magani mai araha, ta gabas da yamma ba ta da shi. Wajen fitar da layin kada a bi alƙibla, domin alƙiblar Kano ta karkata arewa da gabas sosai. A sa kamfas ɗin waya.

Ga yadda zai zauna a filinki, wanda a mita yake 45.7 da 30.5. Aji uku a jere da bangayensu huɗu na bulo inci 9 sun ci mita 25. Matakala a kowane ƙarshe, mita 3.5 kowacce, ya zama 32. Bene hawa ɗaya, uku a ƙasa uku a sama. A matsar da shi gefen arewa, a bar mita 3 tsakaninsa da katangar maƙwabci don hasken ya samu hanyar sauka, a bar 3 ta gabas. Ta yamma za a samu fiye da mita 10 tsakanin ginin da titi, ta kudu kuma fili mai faɗin kusan mita 17 ya buɗe a gaban baranda, na taron safe da wasa, wanda malami ɗaya a tsaye a baranda yake gani kaf. Ana iya yin layi biyu na ƙasa masu kallon juna a guje wa bene, amma tsakar da za ta rage bai fi mita 7 ba, kuma azuzuwan za su yi ta jefa wa juna murya.

Sai girman taga. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce faɗin tagogi ya kai kashi ɗaya cikin biyar na daɓen ɗaki, wato murabba'in mita 11 a ɗakinki. Amma inda tagar take ya fi girmanta muhimmanci. Hasken rana yana shiga ɗaki kamar ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin saman taga daga ƙasa. Magina sun saba zuba linta a ƙafa 7, saboda nan ƙofa ta tsaya. Taga mai wannan tsayi haskenta ba ya wuce mita 4 zuwa 5, layin ƙarshe ya zauna a duhu. A ɗaga saman taga zuwa mita 2.7. Ta arewa a yi taga uku, kowacce faɗi 1.5 tsayi 1.8, ƙasanta santimita 90 daga daɓe. Ta baranda a yi biyu, faɗi 1.8 tsayi santimita 90, a sama, yadda yaro a zaune ba zai ga masu wucewa ba. Jimlarsu ta haura 11 kaɗan, kuma iska ta samu mashiga da mafita.

Allo ya hau bangon gabas na kowane aji. Yaro in ya kalli gabas, arewa tana hagunsa, babban haske ya zo masa ta hagu, inuwar hannun damansa ba ta faɗa kan abin da yake rubutawa. Kada a taɓa yin taga a bangon allo, ido ba ya iya karanta alli da haske a gefensa.

Akwai abin da zanen da aka kwafo daga wani gari ba ya sani, shi ne hunturu. Iskarsa daga arewa maso gabas take zuwa, wato kan manyan tagoginki. Wata safiyar Janairu na shiga wani aji a nan cikin gari da misalin ƙarfe tara. Tagogin duk na ƙarfe ne toshe, an rufe su ruf saboda sanyi da ƙura, babu wuta. Hasken da ke ɗakin shi ne wanda ke shigowa ta ƙofa da ta ramukan da tsatsa ta ci. Wata 'yar yarinya a layin ƙarshe ta kifa fuskarta a kan littafi har hancinta na taɓa takarda, tana bin layi da ɗan yatsa. Malamin ya ce mini haka suke yi wata biyu zuwa uku kowace shekara. Tun daga ranar ban sake zana tagar aji ba sai na raba ta biyu: ƙasan, mita 1.2, marfin ƙarfe mai buɗewa da rufewa. Saman, santimita 60, gilashi ko farar roba mai kauri da haske ke ratsawa, a kafe, da raga a bayansa saboda ƙwallo da jifa. In an rufe don ƙura, haske bai tafi ba. Gilashin luba kuwa a guje masa a inda hannun yaro ke kaiwa, yana zamewa ya fashe ya yanka. Taga mai zugewa kuma rabinta kawai ke buɗewa, in za a sa ta a san iskar rabi ce.

Fenti ma fitila ne. Silin fari, bango mai haske kamar ruwan madara, fentin mai mai ɗan duhu ya tsaya a mita 1.2 daga ƙasa inda hannu ke shafa. Bangon da aka shafe da shuɗi mai duhu ko kore har sama yana shanye hasken da aka sha wahalar shigo da shi. Abin da ake nema a kan tebur shi ne luks 300 a ma'aunin haske, kuma akwai manhajojin waya da ke ba da kimanin awon. Gwajin da ya fi sauƙi: a kashe wuta, ki zauna a bencin da ya fi nisa da taga da ƙarfe takwas na safe, ki karanta rubutun fensir na ɗan aji biyu. In sai kin kusanto da shi, ɗakin bai yi ba.

Hayaniya ita ce abin da ba a gani a zane, shi ya sa aka fi yin sake da ita, kuma a makarantunmu ta fi ƙarfi saboda karatun amshi. Aji ɗaya suna rera baƙaƙe, aji biyu suna hadda, aji uku ana koya musu rabawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoranta na 1999, ta ce ƙarar da ke cikin aji lokacin darasi kada ta wuce desibel 35, amsa-kuwwar ɗaki kuma kada ta wuce sakan 0.6. A bakin titin Kano da taga a buɗe, 35 ba ta samuwa, gaskiya ke nan. Abin da za mu iya shi ne mu sa muryar malami ta rinjayi sauran ƙara da tazara mai kyau har zuwa bencin ƙarshe, domin babba in ya rasa rabin kalma yana cike ta da abin da ya sani, yaro mai koyon harshe ba shi da abin cikewa.

Ta hanya uku ƙara ke zuwa. Ta titi, da a-daidaita-sahu da masu walda da injin markaɗe, tsarin da na ba ki ya riga ya rage ta: ginin ya ba titi ƙeya, bangon da ba taga da ɗakin matakala ne ke fuskantarsa, ga tazarar mita 10. A sa ofis da sito a wannan tazara su ƙara zama garkuwa, bayan an bar ja-baya daga titi gwargwadon abin da hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ta gindaya. Katanga toshe tana tare ƙara ga azuzuwan ƙasa matuƙar ta tsare ganin abin da ke ƙarar. Na sama ba ta yi musu komai, nisa ne kawai gatansu. Itatuwa ki dasa don inuwa da ƙura, amma layi ɗaya na darbejiya ba ya tare ƙara. Janareta ya tafi kusurwar kudu maso yamma, wajen titi.

Ta biyu ita ce ta maƙwabcin aji, kuma a nan ake yin tsimin da ke zama hasara. Magini zai kai bangon tsakiya daidai silin ya tsaya, ya ce ai sama ba a gani. Murya kuwa sai ta ratsa silin, ta tsallake bangon ta cikin rufi, ta sauko a ɗaya ajin kamar babu komai. A hawa na sama bangon tsakiya ya zama bulo inci 9, ya hau har ya taɓa kwano, a toshe ramukan da ke tsakaninsa da kwanon. A yi filasta fuska biyu, domin bulon da ba filasta iska na ratsa shi, kuma duk inda iska ta bi ƙara ta bi. Kada a huda akwatin soket na wannan aji daidai bayan na wancan.

Ta uku ita ce wadda ɗakin ke haifarwa da kansa, kuma ita zan ɗan tsaya a kai. Daɓen siminti, bangon filasta, dakin, wato rufin kankare, a sama: duk masu tauri ne, murya ta doke su ta dawo, kalma ta hau kan kalma. Lissafinta shi ne `RT = 0.161 × V ÷ A`, inda RT tsawon amsa-kuwwa ne a sakan, V girman cikin ɗaki ne, A kuma jimlar abin da ke shanye sauti. Ɗakinki mita 7 da 8 da 3.3 ya ba da V kamar 185. Bangaye da daɓe da dakin gaba ɗaya ba sa shanye abin da ya wuce 6, yara 40 da tufafinsu kamar 10. In tagogi a rufe suke, A 16 ne, amsa-kuwwa ta kusa sakan 2, ninki uku na abin da ake so. Shi ya sa malaman azuzuwan ƙasan bene suke tashi da disasshiyar murya: suna ɗaga murya, ɗakin yana ƙara cakuɗa ta, yara su ma su ɗaga tasu. In aka sa silin mai taushi, irin falankin da ake soka masa allura ko fale-falen silin masu huji-huji da ke shanye fiye da rabin sautin da ya same su, A ya ƙaru da kamar 34 ya kai 50, amsa-kuwwa ta sauko 0.6. Silin roba da na fi'ofi suna da kyan gani amma masu tauri ne, ba sa wannan aiki. Silin asbesto kuma kada ya shigo makaranta sam. In kuɗi bai kai a rufe silin duka ba, a yi rabin baya, a kuma lulluɓe bangon baya da falankin manna takardu daga mita 1.2 zuwa sama. Gwajinsa tafi ɗaya ne a tsakiyar ɗaki da tagogi a rufe: in sautin ya yanke nan take ya yi, in ya ja wutsiya da saura. A hawa na sama, shimfiɗar auduga ta rufi a kan silin tana rage zafin kwano da ƙarar ruwan Agusta lokaci guda.

Yanzu a kaɗa ƙararrawar tashi. Duk awon hanya a makaranta don wannan minti biyun ake yin sa, da kuma ranar da wani zai yi ihun wuta ko maciji, Allah ya kiyaye. Lungun ƙafa 4 da ƙofa goma ke zuba yara 240 a cikinsa shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a tsarin magini. In yaro ɗaya ya faɗi a nan, na baya ba su gan shi ba, turowa kawai suke.

Ƙofar aji faɗinta ya kai mita 1, ta buɗe waje, domin yaran da suka firgita suka taru a jikin ƙofa mai buɗewa ciki su ne za su danne ta da kansu. Amma ƙofar da ta tsaya a miƙe cikin baranda tarko ce ga mai gudu, saboda haka a sa mata hinjin da zai bar ta ta kwanta a jikin bango, da ƙugiyar da za ta riƙe ta. In da hali a ƙara ta biyu a bayan aji. Kada a yi mata dokin ƙofa mai tudu. Marfin tagar baranda ma kada ya buɗo waje a tsayin kan yaro. Na taɓa tarar da wani ɗan aji uku a zaune a ofis, malama ta danne masa goshi da gefen gyalenta, jini ya ɓata farar rigarsa. Kusurwar marfin tagar ƙarfe ce ya ci karo da ita da gudun tara. Da na je na auna, tsayinta daga ƙasa daidai idonsa ne, ɗan yatsa biyu ya raba.

Baranda mita 2.4 ce tsantsa, ban da ginshiƙi. Matakala biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, don in ɗaya ta toshe da hayaƙi ko cunkoso a bi ɗayar. Yara 120 ne a sama. Faɗin kowacce mita 1.5. Tsayin taki santimita 15, faɗin wurin sa ƙafa 30. Daga daɓen ƙasa zuwa na sama mita 3.45 ne in an haɗa da kaurin dakin, wato taki 23, a raba 12 da 11 da wurin hutawa mai faɗin 1.5 a tsakani. Ki sa a auna kowane taki da tef bayan an gama daɓe, domin ƙafa tana haddace takin farko ne ta ci gaba da shi. Wanda ya fi 'yan uwansa da santimita 2 shi ne mai kayar da yara, kuma yawanci na farko ne ko na ƙarshe, inda aka manta da kaurin daɓe. Marikin hannu biyu, ɗaya a santimita 90 ɗaya a 60 don ƙanana. Ban da matakala mai murɗawa. Kuma in an sa ƙofar ƙarfe a bakin matakala saboda ɓarayi, kwaɗonta ya fita tun kafin yaro na farko ya hau, ba ya komawa sai na ƙarshe ya sauko.

Makarin barandar sama tsayinsa kada ya gaza mita 1.1, ni 1.2 nake sawa. Ƙarafunansa su tsaya a tsaye, tazararsu ƙasa da santimita 10 don kan yaro ba zai shige ba. Ƙarfen da aka gicciya, ko bulon ado mai ramuka, tsani ne aka kafa musu. Tagogin arewa na sama su ma a sa musu ƙarfen tsaro. Aji ɗaya zuwa uku a ƙasa, huɗu zuwa shida a sama, in kuma an samu yaro mai keken guragu a manyan aji, ajin ne zai sauko. Daɓen ginin zai ɗaga kamar santimita 45 saboda ruwan damina, to a yi masa gangara: kowace santimita 1 ta tsayi tana son 12 ta tsawo, wato mita 5.4. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa gine-ginen jama'a irin wannan hanya. Tayil mai sheƙi kada ya hau baranda ko matakala. Feshin ruwan sama ko ƙurar hunturu kaɗan ya isa ya mai da shi santsi.

Banɗaki a kusurwar kudu maso gabas, inda iskar damina da ta hunturu duk ba sa ɗebo wari zuwa aji, na mata daban na maza daban, ƙofofinsu a inda ake hangowa daga baranda, raminsu da murfin kankare kuma nesa da rijiya. A bakin titi, ƙaramar ƙofar yara ta rabu da ta mota, a bar wurin jira a ciki, a rufe kwatar da ke gabanta, a kafa ƙarfe a gicciye a waje yadda mai fitowa da gudu dole ya karya kwana kafin ya taka kwalta.

Tunda bene ne, maganar rodi da ginshiƙi da tushe ba ta magini ba ce shi kaɗai. Injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar nan, ya lissafa, ya kuma zo ya ga rodin da idonsa kafin a zuba kankare. A binciki tarihin filin wajen tsofaffin unguwa, domin filaye da yawa a Kano tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara. A kai zanen KNUPDA a karɓi izini. Makarantar benen da ta rufta a Jos a Yulin 2024 ana tsakar darasi ta ci rai 22. In kuɗi ya gaza, a yi tushe da ginshiƙan bene, a gama aji uku na ƙasa, sauran ukun su ci gaba da zama a gidan haya zuwa wani lokaci; kada a rage girman ɗaki ko rodi don a gama a tashi ɗaya.

Kafin ki biya kuɗin bulo ko guda, ki kira maginin ranar Asabar da safe, ku je filin da turaku da igiya da toka. Ku shata ɗaki ɗaya ƙafa 16 da 18, ku shata wani ƙafa 23 da 26 a gefensa, da barandarsa. A ɗauko benci 20 daga makaranta a kura, a jera a na farko, sannan a na biyu, shi da kansa ya bi tsakanin layukan ya kai ga bencin ƙarshe. Daga nan sai ku tsaya a inda allo zai kasance, ki sa wata malama ta tsaya a ƙarshen shatar ta baya, ki karanta mata jimla ɗaya da muryar da kike koyarwa, sau ɗaya a jikin katangar titi, sau ɗaya a inda na ce a sa ginin. Abin da ta maimaita muku a kowane wuri ki rubuta shi, ki haɗa da awon filin ki kai wa mai zanen.